Yawan kafeyin a gahawa da shayi da iyakarsa ga baligi

Kafeyin wani sinadari ne mai ɗaci da ake samu a ƙwayar gahawa, ganyen shayi, goro da koko. Yana hana jin barci kuma yana ƙara kuzari na ɗan lokaci. Tsarinsa a ilimin sinadarai shi ne C8H10N4O2, kuma masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus Friedlieb Ferdinand Runge ne ya fara ware shi daga ƙwayar gahawa a shekarar 1819. Yawan kafeyin da ke cikin kofi guda ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya danganta da irin ƙwayar, da yawan garin da aka zuba, da kuma yadda aka dafa shi. Hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun bayyana cewa miligiram 400 a rana bai cika cutar da baligi mai lafiya ba, amma ga mai juna biyu iyakar ta sauko zuwa miligiram 200.

A Hausa kalmar "kofi" tana nufin abin shan, tana kuma nufin mazubin da ake sha da shi. Domin kauce wa ruɗani, wannan muƙala tana kiran abin shan da suna gahawa, kalmar da ta samo asali daga Larabci, ta bar "kofi" ga mazubi.

## Abin da ke ƙayyade yawan kafeyin

Ana iya ƙiyasta kafeyin ɗin da ke cikin kofi ta hanyar amsa tambayoyi uku. Wane irin ƙwaya aka niƙa? Giram nawa na gari aka zuba? Kuma wane kaso na kafeyin ɗin da ke cikin garin ne ya shiga ruwa?

Irin gahawa biyu ne suka mamaye kasuwar duniya. Na farko shi ne arabika, wanda asalinsa ƙasar Habasha ne, kuma kafeyin ɗinsa kusan kashi 1.2 cikin ɗari ne na nauyin busasshiyar ƙwaya. Na biyu shi ne robusta, wanda ya fi ɗaci kuma ya fi araha, kafeyin ɗinsa kuwa kusan kashi 2.2 cikin ɗari ne. Wato giram 10 na garin arabika yana ɗauke da kimanin miligiram 120, giram 10 na robusta kuma kimanin 220. Tun kafin a ɗora ruwa a wuta, zaɓin ƙwaya kaɗai yana iya kusan ninka adadin.

Kafeyin yana narkewa a ruwa cikin sauƙi, musamman ruwan zafi, don haka yana cikin abubuwan da ke fara fita daga gari. Zafin ruwa, laushin niƙa da tsawon lokacin jiƙawa su ne ke nuna saurin fitarsa. Gari mai laushi yana saki da wuri, mai tsaki-tsaki yana ɗaukar lokaci. Amma duk tsawon dahuwa, ruwa ba zai fitar da abin da ya wuce wanda ke cikin garin ba. Shi ya sa yawan gari ya fi komai tasiri.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gahawar da aka soya ta yi baƙi ƙirin ta fi kafeyin saboda ɗacinta. Ba haka ba ne. Kafeyin ba ya saurin lalacewa a zafin suya, ɗacin kuma yawancinsa daga wasu sinadarai ne da suyar ke haifarwa. Abin da suya mai tsanani take yi shi ne ta kumbura ƙwayar ta rage mata nauyi. Idan da cokali aka auna, baƙar gahawa takan ɗan gaza a yawan kafeyin, domin cokali guda nata bai kai nauyin cokalin wadda aka soya sama-sama ba. Idan da sikeli aka auna, bambancin kaɗan ne.

## Hanyoyin dafa gahawa

### Gahawar tata

A wannan hanya ana zuba gari a matatar takarda ko ta ƙyalle, a kwarara ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 a kai, ya riƙa ɗiga a hankali na minti huɗu zuwa shida. Wata 'yar Jamus mai suna Melitta Bentz ce ta ƙirƙiro matatar takarda a 1908. Saboda sabon ruwa yana ta ratsa garin, mafi yawan kafeyin yana fita. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun nuna kimanin miligiram 95 a kofi mai cin mililita 240. Wannan ya yi daidai da abin da giram 10 na arabika zai bayar. Wanda ya zuba giram 15 a kofin nan zai samu kusan miligiram 150, ko da yake girman kofin bai canja ba.

### Esfareso

Esfareso hanya ce ta Italiya inda inji ke tura ruwan zafi ta cikin gari mai laushi da matsin da ya ninka na iskar sarari sau tara. Ana amfani da giram 7 zuwa 9 na gari, ruwan ya ratsa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, a samu kimanin mililita 30. A cikin wannan ɗan ruwa akwai kusan miligiram 63.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Idan aka kwatanta mililita da mililita, esfareso ya fi gahawar tata kauri kusan sau biyar. Amma idan aka kwatanta abin da mutum ke sha a zama ɗaya, awo guda na esfareso bai kai kofin gahawar tata ba, domin garinsa kaɗan ne kuma ruwan bai daɗe a cikinsa ba. Sai dai shaguna da yawa suna zuba awo biyu a kofi guda, da gari giram 16 zuwa 20, wanda ke kai adadin zuwa miligiram 125 ko fiye. Abubuwan sha masu madara da ake haɗawa da esfareso, kafeyin ɗinsu ya danganta da yawan awon da aka zuba ne. Madara tana ɓoye ɗaci, amma ba ta rage kafeyin.

### Jiƙawa da tafasawa

A tulun matsi na Faransa, ana jiƙa gari mai tsaki-tsaki a ruwan zafi na kimanin minti huɗu, sannan a danne shi da ragar ƙarfe. Sakamakonsa yana kusa da na gahawar tata idan garin ya zo daidai. Idan aka bar ruwan a kan garin bayan an danne, fitar kafeyin tana ci gaba.

A Turkiyya, ƙasashen Larabawa, Sudan da Habasha kuwa, ana dafa garin ne tare da ruwan a tukunya ko a tulun ƙasa irin wanda ake kira jabana. Garin yakan yi laushi sosai, ruwan kuma yana kaiwa tafasa, saboda haka kusan duk kafeyin ɗin yana fita. Finjalin da ake sha da shi ƙarami ne, amma al'ada ce a sha biyu ko uku a jere. Hanyar ƙiyasi mafi sauƙi a nan ita ce a lissafa garin da aka zuba a tukunya a raba shi da yawan masu sha.

### Jiƙon ruwan sanyi

Ana jiƙa gari a ruwan sanyi na awa 12 zuwa 24 sannan a tace. Ruwan sanyi yana jinkirta fitar kafeyin, amma tsawon lokaci yana cike giɓin. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa yawan kafeyin a irin wannan jiƙo yana daidaita bayan awa shida zuwa bakwai. Abin lura shi ne ana zuba gari da yawa, sau da yawa giram 125 ko fiye a lita ɗaya, domin an yi shi ne a matsayin mai kauri da za a sirka. Kofi guda da ba a sirka ba yana iya kusantar miligiram 300, kuma rashin ɗacinsa yana sa a sha ba tare da an ankara ba.

### Gahawa mai narkewa

Wannan ita ce wadda aka fi sani a wajen mai shayi da shagunan unguwa, inda ake yawan kiranta Neskafe ko da wane kamfani ne ya yi ta. An riga an dafa ta a masana'anta an busar da ita, don haka duk kafeyin ɗin da ke cikin garin yana shiga kofi. Zafin ruwa ko tsawon lokaci ba sa canja komai. Kowane giram ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 30, kuma ana yawan yin ta da robusta. Ƙaramin cokali mai tozo yana ɗaukar kusan giram 2, wato miligiram 60. Cokali biyu masu tozo sun wuce kofin gahawar tata.

Akwai kuma gahawar da aka cire wa kafeyin. Ba a cire shi gaba ɗaya: hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce kofi guda yana iya ɗaukar miligiram 2 zuwa 15.

## Shayi da sauran tushe

Busasshen ganyen shayi ya fi ƙwayar arabika yawan kafeyin idan aka auna nauyi da nauyi, domin yana ɗauke da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Abin da ya sa kofin shayi bai kai na gahawa ba shi ne ƙarancin ganyen: ƙullin shayi guda giram 2 ne kawai, alhali kofin gahawa yana cin giram 10 ko fiye. A shayi lokacin jiƙawa yana da tasiri sosai. Ƙullin da aka tsoma minti ɗaya aka cire yana bayar da kaɗan ne daga abin da zai bayar a minti biyar. Haka kuma ra'ayin cewa ɗauraye ganye da ruwan zafi na daƙiƙa 30 yana cire kafeyin ba daidai ba ne, domin ƙaramin kaso ne kawai ke fita a wannan lokaci.

Shayin buta da ake dafawa a kan gawayi a Nijar da sauran yankin Sahel ya bambanta da shayin ƙulli. Ana zuba koren ganye da yawa a ƙaramar buta a tafasa shi na tsawon lokaci, a sha sau uku daga ganyen nan. Zubin farko ne ke ɗauke da mafi yawan kafeyin, na uku kuma mafi ƙaranci. Saboda haka alƙaluman koren shayi da ke cikin jadawalin ƙasa ba su dace da shi ba.

| Abin sha | Yawan ruwa | Kafeyin (ƙiyasi) |
|---|---|---|
| Gahawar tata | mililita 240 | miligiram 95 |
| Esfareso, awo guda | mililita 30 | miligiram 63 |
| Gahawa mai narkewa, giram 2 | kowane kofi | miligiram 60 |
| Baƙin shayi | mililita 240 | miligiram 47 |
| Koren shayi | mililita 240 | miligiram 28 |
| Lemon kola | mililita 355 | miligiram 35 zuwa 40 |
| Lemon ƙara kuzari | mililita 250 | miligiram 80 |

Goro ma yana cikin lissafi. Kimanin kashi 2 cikin ɗari na busasshen nauyinsa kafeyin ne, kuma babban goro guda yana iya kaiwa kofin gahawa. Wasu magungunan ciwon kai masu haɗin farasitamol suna ɗauke da miligiram 30 zuwa 65 a kowace ƙwaya, kuma ana rubuta hakan a jikin kwali.

## Dalilin da ya sa alƙaluman ƙiyasi ne

Adadin da ke cikin jadawali matsakaici ne, kuma kofin da mutum ya saya yana iya yin nisa da shi ƙwarai. A wani bincike da masana na Jami'ar Glasgow suka wallafa a 2012, an auna esfareso daga shaguna 20 a birnin. Mafi ƙaranci yana da miligiram 51, mafi yawa kuma 322, wato fiye da ninki shida. Wani binciken na 2003 a jihar Florida ta Amurka ya sayi gahawa iri ɗaya daga shago ɗaya kwana shida a jere, sai aka samu adadin yana hawa da sauka tsakanin miligiram 259 da 564 a babban kofi mai cin kusan mililita 470.

Ma'anar wannan ita ce ƙirga kofuna ba ma'auni ne mai inganci ba. Shawarar "kofi huɗu a rana" tana nufin kofi huɗu na mililita 240 masu matsakaicin kauri. Babban kofi guda daga wani shago yana iya cinye iyakar rana baki ɗaya.

## Iyakar da ta dace ga baligi

A 2015 hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta fitar da ra'ayinta na kimiyya. Ta ce miligiram 400 da aka rarraba cikin yini, daga kowane tushe, ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya. Ga mutum mai nauyin kilo 70, wannan ya kama miligiram 5.7 a kowane kilo. Ta kuma ce abin da ake sha a zama ɗaya, har zuwa miligiram 200, ba shi da matsala. FDA da hukumar lafiya ta Kanada su ma sun ambaci 400. Wannan adadi iyaka ce ta sama, ba abin da jiki ke buƙata ba ne. Mai ƙaramin jiki zai kai ma'aunin kowane kilo da wuri: ga mai kilo 50, miligiram 5.7 a kilo ya kama 285 kawai.

Ga masu juna biyu, EFSA da ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka sun tsaya a kan miligiram 200. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba mai cikin da ke shan fiye da 300 shawarar ta rage. Dalili shi ne kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta iya sarrafa shi sosai, kuma an danganta yawan shansa da haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi da ɓarin ciki. Masu hawan jini, masu bugun zuciya marar tsari, masu ciwon fargaba da masu ƙwannafi mai tsanani su ma iyakar 400 ba lallai ta dace da su ba, likita ne ke tantance musu.

## Daɗewarsa a jiki

Kafeyin yana kaiwa ƙololuwa a jini cikin minti 30 zuwa 60 bayan an sha. A ƙwaƙwalwa yana tare gurbin wani sinadari mai suna adinosin, wanda ke taruwa cikin yini yana sa mutum jin barci. Gajiyar ba ta gushe ba, saƙonta ne kawai aka tare.

Hanta ce ke wargaza shi, ta hanyar wani sinadarin aiki da ake kira CYP1A2. A yawancin baligai rabin abin da aka sha yana fita cikin kimanin awa biyar, amma wannan lokaci ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Shan taba yana gajarta shi. Ƙwayoyin tazarar haihuwa suna kusan ninka shi. A watanni uku na ƙarshen ciki yana iya kaiwa awa 15. Maganin ƙwayoyin cuta sifurofulozasin, wanda aka fi sani da sifro, yana rage aikin CYP1A2, don haka kofin da mutum ya saba sha yana iya sa masa rawar jiki da rashin barci a kwanakin da yake shan maganin.

EFSA ta lura cewa miligiram 100 kaɗai gab da kwanciya yana iya taɓa barcin wasu mutane. Wani gwaji da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda.

## Misalin lissafin yini guda

A ɗauki baligi mai lafiya, mai kilo 70. Da ƙarfe 7 na safe ya sha gahawa mai narkewa cokali biyu masu tozo, kimanin miligiram 125. Da ƙarfe 11 ya sha shayin ƙulli, 45. Da ƙarfe 2 na rana ya sha lemon kola rabin lita, kusan 50. Da ƙarfe 4 kansa ya yi ciwo, ya haɗiyi ƙwaya biyu masu miligiram 30 kowacce, wato 60. Da ƙarfe 6 na yamma ya sha gwangwanin lemon ƙara kuzari, 80. Jimilla miligiram 360 ke nan, ƙasa da 400, kuma babu zama ɗaya da ya wuce 200. Kofin gahawa guda ya sha, amma kusan kashi biyu cikin uku na kafeyin ɗinsa ya fito ne daga abubuwan da ba gahawa ba.

Idan zai kwanta da ƙarfe 11 na dare, kuma rabin kafeyin yana fita a awa biyar, lemon yamma ya bar masa miligiram 40, ƙwayoyin ciwon kai sun bar kusan 23, sauran ukun tare sun bar kusan 37. Zai kwanta ke nan da kimanin miligiram 100 a jikinsa, tamkar wanda ya sha kofin gahawa ya hau gado. Bai ƙetare iyakar rana ba, amma barcinsa yana iya raguwa. Da zai bar lemon yamma kawai, ragowar za ta sauko zuwa kusan 60. Da kuwa mai juna biyu ce ta sha waɗannan abubuwa, da ta wuce iyakarta tun da ƙarfe 2 na rana.

## Alamomin wuce gona da iri da na dainawa

Alamomin da ke nuna an sha fiye da abin da jiki zai ɗauka sun haɗa da rawar hannu, bugun zuciya da sauri, rashin natsuwa, yawan fitsari, ɓacin ciki da kasa barci. Wanda bai saba ba yana iya jin su daga miligiram 250. FDA ta ƙiyasta cewa shan kusan miligiram 1,200 cikin ɗan lokaci yana iya jawo illa mai tsanani kamar jijjiga irin ta farfaɗiya. Irin wannan ya fi faruwa da zallar garin kafeyin ko ƙwayoyinsa, ba da gahawa ba, domin ƙaramin cokali na zallar garin ya kai kofuna da dama. Ciwon ƙirji, amai ba ƙaƙƙautawa ko ruɗewa bayan shan kafeyin mai yawa suna buƙatar a garzaya asibiti.

Wanda ya saba sha kullum ya daina kwatsam yakan fuskanci ciwon kai, kasala da saurin fushi. Alamomin suna farawa awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su yi tsanani a rana ta farko ko ta biyu, su ɗauki kwana biyu zuwa tara kafin su wuce. Wannan yana cikin dalilan ciwon kan da wasu masu shan gahawa, shayi ko cin goro ke ji a kwanakin farko na azumin Ramadan. Rage adadin a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, misali ta hanyar rage gari ko gajarta lokacin jiƙa shayi, yana sauƙaƙa su.

## Duba kuma

- Gahawa
- Shayi
- Goro
- Rashin barci